Yadda Ake Tsara Sanarwa Don Ido Ya Fara Sauka Kan Babban Saƙo

Mai jan allon waya da babban yatsa ba ya bin fosta layi-layi kamar yadda ake karanta wasiƙa. Idonsa kan dira a wuri guda, ya tsinci kalma biyu ko uku, daga nan ya yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Hakan ya samo asali ne daga yadda ido yake. Ɓangaren da ke gani tar-tar ɗan mitsitsi ne, bai wuce digiri 2 ba, kwatankwacin faɗin farcen babban yatsanka idan ka miƙe hannu. Duk abin da ke kewaye da wannan ɗan wuri dishi-dishi ake ganinsa, kuma da wannan gani na dishi-dishi ne ƙwaƙwalwa ke zaɓen inda za ta tura ido. A can gefen ido ba a karanta ma'anar kalma. Abin da ake ganewa shi ne wane abu ya fi girma, wane ya fi duhu da kauri, wane kuma ya keɓe shi kaɗai.

Waɗannan ukun su ne kayan aikinka: girma, kauri da wuri. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya a kan misali guda, wato sanarwar wata makaranta da ta ɗage jarrabawa, wadda za a tura wa ɗalibai a matsayin hoto mai faɗin fiksel 1080 da tsayin fiksel 1350.

Mataki na farko: fitar da babban saƙo kafin ka buɗe manhaja

Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da aka ce a saka. A misalinmu abubuwa tara ne: tambarin makaranta, sunanta, kalmar "Sanarwa", jimlar da ke cewa an ɗage jarrabawar ƙarshen zango, tsohuwar rana, sabuwar rana da lokaci, dalilin ɗagewa, tunatarwa cewa kowa ya zo da katin shaida, sai inda za a nemi ƙarin bayani.

Sai ka yi wa kanka tambaya ɗaya: idan ɗalibi ya kalli hoton nan na daƙiƙa biyu kawai ya wuce, me ya zama dole ya tafi da shi? Amsar ita ce mataki na ɗaya a jerin muhimmancin abubuwan da ke cikin sanarwar, kuma abu ɗaya ne tak. Taura biyu ba ta taunuwa. Idan aka ɗora abubuwa biyu a kan kujerar farko, ido zai yi ta kai-komo tsakaninsu har mai kallo ya gaji ya wuce.

A nan ne ake yawan kuskure, don haka bari mu ɗan tsaya. Mutane da yawa sukan ba kalmar "Sanarwa" girman da ya fi kowane. Amma wannan kalma ba ta ɗauke da labari, domin duk wanda ya ga hoton ya riga ya san sanarwa ce. Wasu kuma sunan makarantar suke cika rabin shafi da shi, alhali ɗalibin ya san makarantarsa. Akwai kuma masu zaɓen sabuwar ranar, kuma waɗannan sun kusa dacewa. Sai dai "14 ga Afrilu" ita kaɗai ba ta gaya wa mai wucewa komai ba, bai san ranar mece ce ba, don haka ba shi da dalilin tsayawa. Abin da zai tsayar da ɗalibi cak shi ne "An ɗage jarrabawa". Da ya ga wannan, shi da kansa zai nemi ranar. Saboda haka jimlar nan ce mataki na ɗaya, sabuwar rana da lokaci su ne mataki na biyu, sauran duka su taru a mataki na uku.

Ka lura an gajarta jimlar. "An ɗage jarrabawar ƙarshen zango" ta koma kalma uku, bayanin zangon ya sauka ƙasa. Tsawon jimla shi ke ƙayyade girman da za ta iya samu, domin faɗin shafi ba ya ƙaruwa. Kalma uku zuwa biyar ita ce iyakar da ta dace da babban saƙo.

Kalmar "Sanarwa" a cire ta gaba ɗaya. Tsohuwar ranar kuwa a kula da ita sosai: idan ta fito da girma ɗaya da sabuwar, akwai ɗalibin da ita zai riƙe a ka. Wurinta cikin ƙaramin rubutu ne, a tsakiyar jimla.

Matakai uku sun isa wa sanarwa irin wannan. Da an kai huɗu ko biyar, tazarar da ke tsakaninsu kan yi ƙanƙanta har ido ya kasa rarrabewa.

Mataki na biyu: girma, kuma daga ƙarami ake farawa

Yawancin masu zane da babban rubutu suke farawa, sai su matse sauran a ɗan filin da ya rage. Ka juya abin. Fara da tantance ƙaramin rubutun da za a iya karantawa ba tare da wahala ba, sannan ka hau sama daga nan.

Ga lissafin. Hotonka fiksel 1080 ne a faɗi, amma a ma'aunin da manhajoji ke amfani da shi, allon yawancin wayoyi tsakanin 360 ne zuwa 430. Ke nan komai zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. Rubutun da ka sa a 24, wanda ya yi kyau a kwamfutarka, zai koma 8 ko 9 a waya, sai mutum ya buɗa hoton da yatsu biyu kafin ya karanta, kuma kaɗan ne ke yin hakan. Idan ka sa 40, zai fito kusan 13 zuwa 16, wanda ya yi daidai da rubutun da ido ya saba gani a waya. Don haka 40 shi ne girman mataki na uku, kuma kada wani rubutu ya sauka ƙasa da shi sosai.

Daga nan ka zaɓi lamba ɗaya da za ka riƙa ninkawa da ita. Masu tsara haruffa sukan yi amfani da 1.25, ko 1.333, ko 1.5, ko 1.618. Ƙananan lambobin sun fi dacewa da shafi mai dogon rubutu da ƙananan kanu da yawa. Fosta kuwa tana buƙatar tsalle mai faɗi, shi ya sa za mu ɗauki 1.5. Idan ka ninka 40 da 1.5 ka sami 60, ka sake ninkawa ka sami 90, ka sake ka sami 135. Tsaninka ke nan: 40, 60, 90, 135.

Ba dole ba ne ka taka kowace matakala. A misalinmu, ƙaramin rubutu 40 ne, rana da lokaci 60, babban saƙo 135, an tsallake 90 da gangan. Wannan tsallake shi ne ke yin aikin. Tsakanin 135 da 60 akwai fiye da ninki biyu, kuma da irin wannan tazara babu mai shakkar wane ne gaba. Da a ce ranar ta hau 90, sai ta fara gogayya da babban saƙo, musamman da yake lambobi suna da jan ido a karan kansu.

Alamar da ke nuna girma bai yi ba ita ce tazara ƙarama. Idan kan rubutu yana 64 sannan na ƙasa da shi yana 58, mai kallo ba zai ga babba da ƙarami ba, zai ga kamar hannun mai zanen ne ya zame. Ko dai su zama girma ɗaya sak, ko kuwa bambancin ya fito fili.

Yanzu ka duba ko babban saƙon ya shiga. Bar fiksel 90 a kowane gefe, sai ya rage maka faɗin 900. A girman 135 da haruffa masu kauri, "An ɗage jarrabawa" ba za ta shiga layi ɗaya ba, don haka a raba ta gida biyu: "An ɗage" a sama, "jarrabawa" a ƙasa. Kai za ka karya layin da hannunka a inda ma'ana ta yarda, kada ka bar wa manhaja. Idan ka ga dole sai ka yi layi huɗu, to jimlar ce ta yi tsawo. Ka koma ka rage kalmomi, kada ka rage girma.

Tazarar da ke tsakanin layuka ma tana bin girma. Ƙaramin rubutu na son iska, kamar ninki 1.4 zuwa 1.5 na girmansa, wato kusan 56 ga rubutu mai 40. Babban rubutu kuwa a matse shi zuwa 1.0 ko 1.1. Idan ka bar masa 1.5, layukan biyu za su rabu su zama kamar abubuwa biyu daban, ƙarfinsu ya ragu.

Mataki na uku: kauri

Kaurin harafi ana auna shi daga 100 zuwa 900. Wanda ake kira Regular shi ne 400, Bold kuma 700, sama da shi akwai ExtraBold a 800 da Black a 900. Dalilin da ya sa kauri ke jan ido shi ne yawan tawada. Harafi mai kauri ya fi cika wurinsa da duhu, kuma a can gefen ido inda komai ke dishi-dishi, dunƙulen da ya fi duhu shi ake fara hangowa.

Ga rabon da za mu yi: babban saƙo 800, ranar 700, lokacin da ke ƙarƙashinta 400 duk da girmansu ɗaya, ƙaramin rubutu duka 400. Ka ga yadda kauri ya raba rana da lokaci ba tare da an ƙirƙiro sabon girma ba. Amfanin kauri ke nan, yana fifita abu a cikin 'yan uwansa. Kamar yadda yake a girma, a nan ma tazara ake so. Tsakanin 400 da 500 da ƙyar ido ke ganin bambanci a allon waya, sai an tsallaka daga 400 zuwa 700.

Cutar da ta fi kama wannan mataki ita ce yawan kaurarawa. Mai sanarwa zai ce katin shaida yana da muhimmanci, a kaurara shi. Dalili ma haka, ofishin neman bayani ma haka. Kafin a ankara rabin rubutun ya zama mai kauri, babu kuma wanda ya fita daban. Kauri yana aiki ne kawai idan abin da ke kewaye da shi siriri ne. A cikin ƙaramin rubutu, kalma ɗaya ko jimla guntuwa ɗaya kawai za a yarda ta yi kauri, a nan "katin shaida" ce ta cancanta.

Launi ma ɓangare ne na nauyi, kuma yana iya rushe duk lissafin da ka yi. Rubutu mai girman 135 da ruwan ɗorawa a kan fari zai sha kaye a hannun baƙin rubutu mai girman 60. Akwai ma'aunin bambanci tsakanin rubutu da bangonsa, wanda ya tashi daga 1:1 ya ƙare a 21:1, wato baƙi wuluk a kan fari fat. Ƙa'idar WCAG ta sauƙin karatu a intanet ta ce ƙaramin rubutu ya kai aƙalla 4.5:1, babba kuma 3:1. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Babban saƙonka ya kamata ya zama shi ne mai bambancin da ya fi na kowa a shafin.

Akwai dabarar da ke fitowa daga nan. Idan ka ga babban saƙo bai fito yadda kake so ba, maimakon ka ƙara masa, ka rage wa sauran. Ƙaramin rubutu ya koma ruwan toka mai duhu a madadin baƙi, sai babban ya ƙara fitowa ba tare da ka taɓa shi ba. Amma da iyaka. Ruwan toka mai lamba `#767676` a kan fari ya tsaya ne daidai bakin 4.5:1, `#999999` kuwa ya faɗi ƙasa da 3:1, kuma mai karatu a cikin rana ko mai raunin gani ba zai iya da shi ba. Wani abu kamar `#444444` yana sassauta rubutu ba tare da ya wahalar da kowa ba.

Mai rubutu da Hausa yana da wata matsala ta musamman da ya kamata ya sa wa ido. Salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Idan ka rubuta "An ɗage" da irin wannan salo, manhaja za ta aro ɗ daga wani salo daban, sai ka ga harafi ɗaya siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko ma ɗan akwati ya fito a wurinsa. A ƙaramin rubutu abin kan ɓuya, amma a girman 135 shi ne abin da ido zai fara gani, hankali ya koma kan aibin maimakon saƙon. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ɓɗƙƴ ƁƊƘƳ" da shi a kowane kaurin da za ka yi amfani da shi. Noto Sans na cikin waɗanda ke da su duka.

Haka kuma ka tabbata salon yana da Bold nasa na asali. Idan babu, wasu manhajoji kan kumbura siririn harafi da kansu, sai ramukan cikin a da e su toshe, kalmar ta yi kama da tawadar da ta malale. Salo ɗaya mai kauri iri-iri ya ishe ka wannan aiki. Manyan baƙaƙe kuma kada su wuce kalma biyu ko uku. Dogon rubutu da manyan baƙaƙe zalla ya fi wuyar karantawa, domin duk haruffan tsayinsu ɗaya, kalmomin sun zama kamar tubala.

Ga mai gina shafin intanet, wannan tsani ɗaya ne idan aka faro daga 16:

```css
.babba   { font-size: 3.375rem; font-weight: 800; line-height: 1.05; }
.tsakiya { font-size: 1.5rem;   font-weight: 700; line-height: 1.2; }
.karami  { font-size: 1rem;     font-weight: 400; line-height: 1.5; }
```

Mataki na huɗu: wuri

Mai karatun boko daga sama ta hagu yake farawa. A shekarar 2006 Jakob Nielsen, mai binciken yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya wallafa sakamakon binciken bin motsin ido a shafukan intanet, inda aka ga mutane suna share layukan sama a kwance, sannan su gangaro ta gefen hagu, abin ya yi siffar harafin F. Abin lura shi ne, ido kan bi wannan hanya ne idan shafi cike yake da rubutu kuma babu abin da ya yi masa jagora. Da zarar akwai dunƙule ɗaya babba mai duhu, can ido zai fara zuwa, sannan ya gangara ƙasa daga nan. Idan da ajami ko Larabci aka yi rubutun, mafarin ya koma sama ta dama, sai a juya komai.

Darasi biyu ke nan. Na farko, babban saƙo ya zauna a rabin sama, tsakiyarsa kusa da kashi ɗaya cikin uku na tsayin shafi. Na biyu, abin da kake so a karanta bayansa ya zo ƙarƙashinsa kai-tsaye, domin ido bai cika komawa sama ba. Idan ka sa ranar a saman babban saƙo, da yawa ba za su gan ta ba.

Ga yadda misalinmu zai zauna, ana aunawa daga sama. Tambari da sunan makaranta su ɗauki ɗan siririn layi daga 90 zuwa 170, sunan a girman 40. Sai fili na fiksel 120 babu komai. Babban saƙo ya fara a 290, layukansa biyu su ƙare wajen 575. Fili na 90. Sai 'yar kalmar "Sabuwar rana" a girman 40, ƙarƙashinta "Litinin, 14 ga Afrilu", ƙarƙashinta kuma "Ƙarfe 9:00 na safe", rukunin ya ƙare wajen 870. Fili na 90 kuma. Sai layi uku na bayani: wace jarrabawa ce, ranar da aka sa da farko, dalili, da batun katin shaida. Inda za a nemi ƙarin bayani ya zauna a ƙasa, ya ƙare a 1260.

Filayen nan da babu komai a cikinsu suna cikin tsarin, ba ragowa ba ce. Tun 1923 masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya bayyana cewa ido yana ɗaukar abubuwan da ke kusa da juna a matsayin rukuni ɗaya. Don haka tazarar da ke cikin rukuni ta zama ƙarama, wadda ke tsakanin rukuni da rukuni ta ninka ta aƙalla sau biyu ko uku. Idan "Sabuwar rana" ta tsaya a tsakiyar fili, nisanta da babban saƙo daidai da nisanta da ranar, ba a san ta wace ce ba. A matso da ita ta manne wa ranar. Fili mafi faɗi kuma a bar wa babban saƙo, domin abin da ya keɓe shi kaɗai yana ƙara fitowa ko da girmansa bai canza ba. Mai sanarwa zai iya ganin filin ya ce a cike shi da ado ko wata jimla. Duk abin da aka saka a nan, daga ƙarfin babban saƙo aka ɗebo.

Jera komai a kan layi ɗaya ta hagu, a fiksel 90. Jeri na tsakiya yana da kyau ga layi biyu ko uku, amma da rubutu ya yi yawa kowane layi zai fara a wuri daban, ido ya riƙa neman mafari. Abin da ya fi muni shi ne haɗawa, kai a tsakiya, rana a hagu, bayani a dama.

Hoto na buƙatar taka-tsantsan, musamman fuskar mutum. Fuska kan ƙwace ido daga rubutu, kuma mai kallo kan bi inda mai fuskar yake duba. Idan dole ne a sa hoto, a sa shi yana fuskantar babban saƙo, kada ya kalli wajen shafi. Kada kuma a ɗora rubutu a kan ɓangaren hoto mai tarkace. Sanarwar ɗage jarrabawa ba ta buƙatar hoto ko ɗaya.

Ka tuna kuma manhajoji sukan datse hoto kafin a buɗe shi, yawanci sama da ƙasa suke ci. Idan sanarwar za ta fita a tsaye mai 1080 da 1920, bar kimanin fiksel 250 a sama da ƙasa, domin nan ne suna da maɓallai ke rufewa.

Mataki na biyar: gwaji

Idonka ba abin dogaro ba ne a wannan gaɓar, domin ka san abin da ka rubuta, kana zuwa wurinsa kai-tsaye. Gwaji huɗu ne za su nuna maka gaskiya.

Na farko shi ne dusashewa. Fitar da hoton, ka sa masa Gaussian Blur na fiksel 10 zuwa 15, ko ka ja baya ka kanne ido har rubutun ya daina karantuwa. Abin da ya rage shi ne abin da gefen ido ke gani. Ya kamata ka ga dunƙule ɗaya babba mai duhu, wani matsakaici a ƙarƙashinsa, sai toka-toka a ƙasa. Idan ka ga dunƙule biyu masu ƙarfi ɗaya, akwai mai gogayya, kuma sau da yawa tambari ne ko wani jan akwati da aka sa a kusurwa. Idan kuwa shafin duka toka ne bai-ɗaya, tazarar girma da kauri ce ta yi kaɗan.

Na biyu, cire launi ka mai da hoton baƙi da fari. Idan babban saƙo ya nutse, to launi kaɗai ke riƙe da shi. Ja da kore sukan koma toka iri ɗaya, kuma akwai mutane da yawa, galibi maza, da ba sa rarrabe su tun asali.

Na uku, ƙanƙance hoton zuwa faɗin fiksel 200. Babban saƙo kaɗai ake so ya karantu a nan. Sannan tura cikakken hoton zuwa wayarka ka duba ƙaramin rubutun a tazarar da ka saba riƙe ta.

Na huɗu shi ne mafi ƙarfi. Nuna wa mutum uku zuwa biyar da ba su san zancen ba, kowa shi kaɗai, na daƙiƙa biyar, sai ka kife wayar. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau. Tambaye su me suka fara gani, da me aka ce su yi. Idan suka ce an ɗage jarrabawa zuwa 14 ga Afrilu, aiki ya yi. Idan sunan makaranta suka fara ambata, rage tambarin ko ka sauko da shi ƙasa. Idan sun san an ɗage amma ba su kama ranar ba, to rukunin rana da lokaci ne ya raunana: matso da shi kusa da babban saƙo, ka tabbata kaurinsa 700 ne, ka kuma duba ko "katin shaida" mai kauri ba ta janye ido ƙasa da wuri ba. Idan wani ya faɗi tsohuwar ranar, cire ta daga hoton gaba ɗaya.

Duk gyaran da za ka yi, canza abu ɗaya a lokaci guda ka sake gwadawa, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. Fara da gyaran wuri da fili, domin su ne ba sa cin komai daga sauran, sannan kauri, girma ya zo ƙarshe.

Wani lokaci mai sanarwa zai dage cewa saƙo biyu ne kuma duka dole, misali an ɗage jarrabawa kuma an canza ɗakin da za a yi ta. Idan za su haɗu a jimla ɗaya gajera, kamar "Jarrabawa: sabuwar rana, sabon ɗaki", a haɗa su, ranar da ɗakin su zauna tare a mataki na biyu da girma ɗaya da kauri ɗaya. Idan ba za su haɗu ba, a yi hoto biyu, kowane da nasa babban saƙo, a tura su a jere.